Kafin a Haska a Bango: Yadda Ake Duba Silaid na Kasuwanci

Ranar 16 ga Janairun 2003, daƙiƙa 82 bayan tashin kumbon Columbia daga Florida, wani ɓallin soso ya ɓalle daga jikin tankin mai ya bugi fiffiken kumbon na hagu. Kumbon na can sama injiniyoyin kamfanin Boeing suka shirya wa shugabannin hukumar NASA bayani a kan silaid, wato shafukan nan da ake haskawa a bango da majigi ana bayani. Kan ɗaya daga cikin shafukan ya yi magana mai kwantar da hankali, wadda mai karatu zai fahimta a kan cewa gwaje-gwajen baya ma sun yi wa haɗarin ƙarin gishiri. Can ƙasan shafin kuwa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa girman soson da aka yi gwaji da shi inci 3 ne a ma'aunin cika, wanda ake zaton ya bugi kumbon kuma 1,920. Ninki 640 ke nan.

Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, mutum 7 da ke ciki suka rasu. Sababin hatsarin yana da rassa da yawa, kuma zalunci ne a ɗora wa shafi ɗaya laifin duka. Amma kwamitin binciken ya saka nazarin da Edward Tufte, masanin gabatar da alƙaluma na Jami'ar Yale, ya yi wa shafin a cikin rahotonsa, ya kuma nuna cewa babban jami'i zai iya karanta shi bai gane cewa maganar rai ake yi ba. Duk gaskiyar tana kan shafin. Inda aka ajiye ta ne ya ɓoye ta.

Irin wannan kuskure ne ake so mai duba silaid ya kama, ko da abin da ke gaba rancen banki ne ko kwangila. Abin takaici, mafi yawan waɗanda ake miƙa wa aiki a ce su duba, da launi suke farawa. Wani ya ce shuɗin ya yi duhu, wani ya ce a ƙara girman tambarin kamfani. Wasu kuma kunya ke hana su magana, sai su ce "ya yi kyau, Allah ya sa albarka," mai aikin ya tafi da murna, ya je gaban manajan banki ya sha tambayoyin da ba shi da amsarsu. Dubawa mai amfani da saƙo take farawa, sai tsari, sannan zane daga ƙarshe, domin babu ribar gyara launin shafin da gobe za a cire shi.

A ɗauki misalin wani mai injin casar shinkafa a yankin Kura, a Jihar Kano, wanda ke neman rancen naira miliyan 120 don sayen sabon inji. A ce ɗansa ya shirya masa silaid 24 a PowerPoint, ya kai wa wata akanta da ta saba da irin wannan aiki ta duba. Kafin ta buɗe kwamfuta, tambayoyi za ta yi. Wa zai zauna a ɗakin? Minti nawa aka ba su? Idan an tashi, wace shawara ake so mutanen su yanke? Idan amsar ita ce jami'an bashi ne, minti 15 aka ba da, kuma ana so su amince su zo su ga masana'antar, to ta sami ma'aunin da za ta auna kowane shafi da shi.

Daga nan sai ta yi gwajin da ya fi kowanne sauƙi da tasiri. Ta karanta kanun shafukan kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalli cikinsu ba. Abin da ta samu shi ne "Tarihin Kamfani," "Manufarmu," "Kasuwa," "Ma'aikata," "Hasashen Kuɗi." Waɗannan lakabi ne irin na jikin fayil, ba su faɗi komai ba. Wanda ya karanta su duka bai san ko kamfanin yana riba ba, bai ma san ana neman kuɗi ba, domin buƙatar rancen tana shafi na 21. Shawararta ita ce kowane kai ya zama cikakkiyar jimla mai ɗauke da iƙirari. "Kasuwa" ya koma "Dillalanmu suna neman tan 12 a rana, muna iya ba su tan 5 kacal." "Hasashen Kuɗi" ya koma "Ribar sabon injin za ta biya rancen cikin shekara 3." Idan aka jera irin waɗannan kanun, labarin yana tsayuwa da kansa, kuma shafin da aka kasa yi wa jimla yawanci shi ne wanda ba shi da aikin yi.

Wannan dabara ta sa amsa a gaba, hujjoji su biyo baya, Barbara Minto ce ta tsara ta a lokacin da take aiki da kamfanin ba da shawara na McKinsey, ta kuma rubuta littafi a kai. Tana yi wa mutane da yawa nauyi, domin a zancen yau da kullum wanda ya zo neman abu yakan yi gaisuwa da shimfiɗa mai tsawo kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Gaisuwar tana nan daram, da baki ake yin ta. Amma jami'in da aka gaya masa tun shafi na 2 cewa miliyan 120 ake nema, kuma ga abin da za a saya, zai saurari sauran bayanin yana auna shi. Wanda aka bari cikin duhu har minti na goma sha biyu kuwa, ya riga ya koma kan wayarsa.

Da zarar kanun sun zama iƙirari, aikin da ya fi muhimmanci ya buɗe: a gwada kowane kai da abin da ke ƙarƙashinsa. A misalin nan, kan shafi na 9 ya ce sabon injin zai biya buƙatar dillalai baki ɗaya, tun da yana sarrafa tan 15 a rana su kuma 12 suke nema. Sai dai a takardar mai sayar da injin, wadda aka liƙa hotonta ƙarama a kusurwa, tan 15 ɗin na shanshera ne, wato abin da ake zubawa. Idan aka cire ɓuntu da dusa, abin da ke fitowa gyararriyar shinkafa kusan kashi 60 zuwa 65 ne cikin ɗari. Tan 15 na shanshera zai ba da tan 9 da 'yan kai, bai kai 10 ba. Kafin a samu tan 12, sai an zuba kusan tan 19. Duk lissafin biyan bashin da ke shafi na 17 a kan tan 15 na gyararriya aka gina shi, don haka shekara 3 ɗin ma ta rushe. Jami'in banki da ya taɓa ba masu shinkafa rance zai hango wannan nan take, kuma daga lokacin ba zai ƙara yarda da sauran alƙaluman ba. Gara akantar ta gano shi a ofishinta, a sake lissafi, a rubuta kai mai gaskiya ko da bai kai na farko daɗin ji ba.

Sai yanzu zane ya shigo, kuma a nan ma gaskiya ake fara dubawa kafin kyau. Shafin ciniki yana ɗauke da ginshiƙai biyu, na 2023 miliyan 46, na 2024 miliyan 50. Ginshiƙi na biyu ya ninka na farko sau biyar a tsawo, saboda ma'aunin gefe daga 45 ya fara maimakon sifili. Ainihin ƙarin bai kai kashi 9 cikin ɗari ba. Ban da wannan, a shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, saboda haka ƙarin kashi 9 a naira yana iya nufin buhunan da aka sayar sun ragu. Mai duba zai ce a fara ma'aunin daga sifili, a kuma nuna cinikin da tan ko buhu kusa da nairar.

Sauran gyaran zane ba ya cin lokaci. Guy Kawasaki, mai zuba jari a Amurka, ya shahara da ƙa'idar silaid 10, minti 20, da haruffan da ba su gaza lamba 30 ba. Ba doka ba ce, amma girman harafin yana tilasta wa mutum ya rage surutu. A ja da baya zuwa ƙarshen ɗaki a gani ko ana iya karantawa. A buga shafi ɗaya a fari da baƙi, domin ja da kore sukan koma toka iri ɗaya a takarda, kuma akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su da kyau. Idan wuta ta ɗauke majigi ya mutu, takardar ce za ta rage a hannun jama'a.

Akwai iyakar da mai duba zai kula da ita. Silaid ɗin da za a tura wa mutum ya karanta shi kaɗai yana buƙatar cikakken bayani, domin babu mai magana a gefe. Wanda za a haska kuwa, yawan rubutu ne ke kashe shi, tun da mutum ba ya iya karatu da sauraro lokaci guda. Wani lokacin ma shawarar da ta dace ita ce a bar silaid ɗin: tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da shi a tarukan manyan jami'an Amazon, ya maye gurbinsa da rubutaccen bayani da ake karantawa shiru a farkon taro.

Yadda aka isar da gyaran shi ke sa a karɓa ko a ƙi. Akantar ba za ta ce wa mai injin aikin ɗansa ya lalace ba. Za ta faɗi lambar shafi, abin da ta fahimta, da abin da ya hana ta gamsuwa: "Alhaji, a shafi na 9 na karanta cewa injin zai fitar da tan 15. Da na duba takardar kamfanin sai na ga shanshera suke nufi. Wanne za mu gaya wa banki?" Tambaya irin wannan tana barin mutum da mutuncinsa, kuma ba ta barin wurin kauce wa matsalar. Gyare-gyarenta kuma za ta raba su biyu. Lissafin tan, matsar da buƙatar rance zuwa shafi na 2, da ma'aunin ginshiƙai dole ne a gama su kafin ranar taro. Batun launi da wurin tambari za ta rubuta su a wata takarda dabam, ta ce wa yaron ya taɓa su idan lokaci ya rage bayan ya tsaya ya gwada jawabin da agogo a hannu.