Kasafin kuɗin hannu: Yadda mai shagon atamfa zai raba cinikin Sallah ya kai shi ƙarshen damina

Ma'aikatan tarayya da yawa a Abuja suna da hannu a wani shago, ko na uwargida ko na ƙane, kuma su ake bugo wa waya idan kuɗin haya ya gagara. Abin da ke ɗaure musu kai shi ne, shagon da ya yi ciniki na miliyoyi a watan azumi ya wayi gari a watan Yuli ba shi da abin biyan mai gida. Sau da yawa babu sata a ciki, babu kuma asara. Kuɗin ne ya shigo a wani lokaci, buƙatarsa ta taso a wani lokaci daban, ba wanda ya zauna ya haɗa biyun a takarda.

Takardar da ke wannan aiki ita ce kasafin kuɗin hannu. Ba ta tambayar ko an ci riba. Tana tambayar nawa zai kasance a aljihu da asusun banki a ƙarshen kowane wata. Lissafinta guda ne: a ɗauki kuɗin da aka shiga wata da shi, a ƙara wanda zai shigo, a cire wanda zai fita, abin da ya rage shi ne za a buɗe wata na gaba da shi. Kayan da aka bayar bashi ba sa shiga sai ranar da aka biya, kayan da aka karɓo bashi ma ba sa fita sai ranar da za a biya dila.

A ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da leshi da shadda a Kasuwar Wuse, wadda ke sarin kaya a Kantin Kwari da ke Kano. Alƙaluman na misali ne, an ɗora su a kan kalandar 2025, shekarar da aka yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris.

Ta shiga Janairu da naira 900,000. Tsakanin ciniki da tsofaffin basussukan da aka biya ta, naira 1,200,000 za su shigo. Za ta ƙaro kaya na 700,000, hidimar shago (yaron shago, wuta, haraji, kuɗin mota) ta ci 150,000, cefanen gida 200,000, kuɗin makarantar yara 250,000. Watan zai rufe da 800,000. Cefane da kuɗin makaranta sun shiga lissafi ne domin daga aljihun shagon suke fita, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Fabrairu ne watan da ya fi haɗari, kodayake ba ya kama da haka. Masu sayen kayan Sallah suna fitowa tun farkon azumi, saboda teloli kan daina karɓar ɗinki idan azumi ya yi nisa, don haka dole kaya su iso shago kafin a ga wata. Tana son kayan naira miliyan 3. Dilanta ya yarda ta ba da miliyan 2 lakadan, miliyan 1 kuma bayan Sallah. Idan aka haɗa da kuɗin dakon kaya 50,000 da hidimar shago da gida 350,000, abin da zai fita ya kai 2,400,000, alhali cinikin watan 1,500,000 ne. Takarda za ta nuna giɓin 100,000.

Wannan giɓi ma yaudara ce, domin lissafin wata yana ɓoye abin da ke faruwa a cikin makonninsa. Tafiyar Kano a ƙarshen makon farko take. A ranar, abin da ke hannunta 800,000 ne da cinikin mako ɗaya, a ce 300,000. Ana buƙatar 2,050,000. Giɓin gaskiya kenan ya kai 950,000, a mako uku kacal kafin kasuwa ta yi kyau. Shi ya sa watanni biyun da ke gaban kowace Sallah ake kasafta su mako mako. Wadda ta hango wannan rami tun Disamba tana da zaɓi: ta raba sarin gida biyu, ko ta nemi a sa kwasar adashinta ta faɗo a makon, ko ta karya farashin tsofaffin yayin da suka daɗe a kanta ta mayar da su kuɗi. Wadda ta gano shi ana jibi tafiya, sai bashi mai ruwa ko albashin maigida.

Sai Maris ya zo da cinikin 4,500,000. Daga ciki, 900,000 bashi ne a hannun ma'aikata masu cewa sai an yi albashi, don haka 3,600,000 ne suka shigo. An kashe 500,000, har da hidimar Sallah ta gida. Bayan cike giɓin Fabrairu, za ta ga naira miliyan 3 a asusu. A nan ne 'yan kasuwa da yawa ke yanke shawarar da za ta dame su daga baya, kamar sayen fili ko buɗe shago na biyu.

Kasafin zai nuna mata cewa kusan duk kuɗin yana da mai shi. Dila na jiran miliyan 1 a Afrilu. Zangon karatu na uku zai ci 250,000. Bayan Babbar Sallah, wadda ta faɗo 6 ga Yuni a shekarar, kasuwar tufafi takan yi sanyi. A ce daga Yuli zuwa Satumba 800,000 ke shigowa a wata, 850,000 na fita, wato giɓin 150,000 a wata uku. A tsakiyar wannan sanyi ne hayar shago ta shekara, 1,200,000, za ta cika, Satumba kuma ta zo da wani kuɗin makaranta 250,000. Jimilla 2,850,000. Abin da ya zama nata a cikin miliyan ukun nan 150,000 ne. Bashin 900,000 da ke waje, idan ya dawo, shi zai sari kayan Babbar Sallah.

Idan ya dawo ɗin. Mai hankali ba ya rubuta bashi gaba ɗaya a watan da aka yi alkawari. Littafin bashi na bara zai nuna kashi nawa aka biya a wata na farko, nawa ya kai wata na uku, nawa ne har yau shiru, kuma da wannan ma'auni ake cike gurbin. Haka ma hasashen ciniki: daga bayanan POS da na banki na bara ake ɗauko shi, a gyara shi da farashin bana.

Sai dai akwai tarko a kwafo bara. Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2024 an yi ƙaramar ranar 10 ga Afrilu. Haya da kuɗin makaranta kuwa suna nan inda suke a kalandar Bature. Cinikin Maris na wata shekara ba zai zama ma'aunin Maris na wata ba. Ana ƙirga makonni ne daga ranar Sallah a koma baya, sannan a ɗora su a kan watannin bana.

Kuɗin haya da na damina gara a fitar da su daga asusun ciniki a makon Sallah, a kai wani asusu da ba shi da kati. Ware 100,000 kowane wata yana da kyau a takarda, amma a Agusta babu inda za a samo shi. Daga nan sai a riƙa duba takardar duk ƙarshen mako, a rubuta abin da ya shigo a gefen abin da aka yi hasashe. Idan mako uku a jere ciniki ya gaza hasashe, sarin gaba ake ragewa tun kafin a kira dila, ba a taɓa asusun haya ba.