Yadda ake ba takardar mai rubuta manhaja maki kafin a kira shi ganawa

Kamfanin da ya sa tallar neman mai rubuta manhaja yakan sami takardun tarihin aiki cike da sunaye: Python, Java, React, Docker. Sai dai rubuta suna ba shi ne iya aiki ba. Shi ya sa mai tantancewa yake auna abu biyu: ko an ambaci abin da tallar ta nema, da kuma shaidar an taɓa aiki da shi.

A ce wani kamfani a Garwa yana neman wanda ya iya Python, Django da PostgreSQL, in ya san Docker kuma madalla. Da farko sai a ba kowanne nauyi: Python 3, Django 3, PostgreSQL 2, Docker 1. Daga nan a duba shaida. In babu abin a takardar, sifili. In sunansa kawai aka jera, maki 1. In an bayyana aikin da aka yi da shi, 2. In ana iya buɗe aikin a gani da ido, 3. Sai a ninka makin da nauyinsa, a tara. Mafi yawan abin da za a samu 27 ne.

Mai nema na farko ya jera duka huɗun, amma bai faɗi aiki ko ɗaya ba. Makinsa 9. Ta biyu ta gina manhajar lissafin kayan shagon magani da Django, ta ajiye ta a GitHub. Da yake Django da Python ake rubuta shi, ta ci 9 a kowannensu. Rumbun bayananta MySQL ne. Ba shi aka nema ba, amma dukansu da SQL ake aiki, sai a ba ta 1, wato maki 2. Ba ta ambaci Docker ba. Jimillarta 20, ita za a fara kira.

Akwai wuraren da ake yin tuntuɓe. Java daban, JavaScript daban, kamannin suna ne kawai. Postgres kuwa shi ne PostgreSQL, kada a hana mutum makinsa. A GitHub, a buɗe fayil ɗin requirements.txt a ga ko Django yana ciki, a duba tarihin gyare-gyaren. Aikin da aka zuba gaba ɗaya rana guda, ko wanda aka rubuta forked from a ƙarƙashin sunansa, yana iya zama na wani. Wanda kuma ya ce ya shekara ashirin yana aiki da Docker ya tona kansa, don a 2013 aka fito da shi.

Wannan ma'auni yana iya tauye ƙwararren da ya yi wa banki aiki, tunda ba shi da izinin nuna abin da ya rubuta. Irinsa yakan tsaya a maki 2, sai a ganawa a tambaye shi wane ɓangare ne ya rubuta da hannunsa.