Gini a Kano, mai gida a Jidda: abin da rahoton wata ya kamata ya ƙunsa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Jidda, Landan ko Dubai suna gina gida a Kano ba tare da sun taka filin ba. Su dai su turo kuɗi, wakili ya tsaya a kan aiki. Idan wata ya ƙare sai saƙo ya shigo waya: "Alhaji, aiki na tafiya, sai dai kuɗi sun ƙare." Wannan gaisuwa ce da roƙo, amma ba rahoto ba ne.

Rahoton kirki shi ne wanda mai gida zai iya tantancewa daga inda yake zaune. Kuɗin da aka kashe, kayan da aka saya, da ginin da ya tashi, dole ukun nan su yarda da juna. Wakili ya fara da ragowar kuɗin watan jiya, ya ƙara abin da aka turo masa, ya cire abin da ya kashe, kowane da ranarsa da hoton rasit. Ragowar da ya rufe da ita a wannan wata ita zai buɗe da ita a wata mai zuwa. In lambobin biyu sun saɓa, akwai tambaya.

Sai dai rasit kaɗai ba ya gamsarwa, domin rubuta shi ba wuya. Bango ne shaidar da ta fi ƙarfi. A ɗauka wakili ya ce ya sayi bulo mai inci 9 guda 2,000 da siminti buhu 60. Tsawon bulo ɗaya santimita 45 ne, don haka kowace mita tana cin bulo biyu da ɗan ɗoriya. Idan jimillar tsawon bangayen gidan a zane ta kai mita 100, layi ɗaya zai ci wajen bulo 220. Layi tara, wanda shi ne galibi ke kai gini linta, zai ci kusan 2,000, har ma a samu rara saboda gurbin ƙofofi da tagogi. To idan hoton ƙarshen wata ya nuna layi shida kawai, an ɗora kimanin 1,320 ke nan. Ina sauran 680? Ko dai suna jibge a filin, a ɗauko hotonsu, ko kuma wakili ya yi bayani. 'Yan kaɗan kan fashe wajen saukewa, wannan kowane magini ya sani, amma ba ɗaruruwa ba.

Haka siminti. Magina kan ƙiyasta buhu ɗaya ya ɗora bulo kamar 50, wato layi shidan nan bai wuce buhu 27 ba. Ragowar ko an zuba ginshiƙai da su, ko suna sito. Shi ya sa rahoto ke buƙatar lissafin sito: nawa aka tarar, nawa ya shigo, nawa aka yi aiki da shi, nawa ya rage. Kuma tara siminti da yawa da damina ba dabara ba ce, don yana jan danshi ya dunƙule.

Inda aka fi cutar wanda ba ya nan shi ne abin da ake binnewa. Zurfin harsashi, kaurin rodi, tazarar da ke tsakanin rodunan dakin, bututun ruwa da na wuta, da zarar an zuba kankare ko an yi filasta sun ɓace ke nan. Rodi mai milimita 12 da mai 16 ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma bayan zubi ba mai bambanta su da ido. Don haka hotonsu ba ya jiran ƙarshen wata: a ɗauka kafin zubi, da tef ɗin awo a jiki. Sauran hotuna kuwa a riƙa ɗaukarsu daga kusurwa ɗaya kowane wata, har gidan maƙwabci ya fito, don a tabbatar filin ne. A WhatsApp a tura su ta Document, domin hoton da aka tura kai tsaye yakan rasa bayanan ranar da aka ɗauke shi.

Ranakun zubi ma a rubuta su. Kankare sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da injiniya ya lissafa, kuma yana son ban ruwa aƙalla mako guda. Wakilin da ya ce an zuba dakin ranar 3 ga wata, aka cire tokara ranar 10, ya yi gaggawar da za ta iya jawo tsagewa.

Ni dai rahoton da kullum ba matsala a cikinsa shi nake zargi. Gini ba ya rabuwa da tifar yashi da ta makara, ko birkila da ya tafi biki, ko jami'an KNUPDA da suka zo neman takardar izinin gini. Wakili nagari zai faɗa, ya kuma kawo ƙiyasin kuɗin wata mai zuwa da matakin da za a kai da su.

Matsalar ita ce wakilin sau da yawa ƙane ne ko suruki, kunya ta hana a tambaye shi. Ku yanka masa ladansa tun farko, ku amince da tsarin rahoton kafin naira ta farko ta fita, sannan ku sami injiniyan da ba ruwansa da sayen kaya ya riƙa leƙawa a harsashi, linta da dakin. Kada a turo kuɗin wani mataki sai an ga na baya ya kammala.