Me ya sa zuciya ke sauri bayan an shaƙi maganin asma?

Da hunturu ya kama, ƙura da hazo suka rufe gari, masu asma ba sa rabuwa da shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol, wadda aka fi sani da Bentolin. Mutum zai shaƙa, ƙirjinsa ya buɗe cikin kamar minti biyar, sai kuma ya ji gabansa yana dukan uku-uku, yatsunsa na ɗan rawa. Wasu daga nan suke tsorata su ajiye maganin, wai yana taɓa zuciya. Yana taɓa ta ɗin, amma yadda yake taɓawar ya kamata a gane.

Jikin ɗan Adam yana da sinadarin adrenalin, wanda ke fita idan an firgita ko an yi gudu. Shi ke sa zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin iska na huhu su buɗe. Yana aiki ne kamar makulli mai buɗe kwaɗo iri-iri: akwai wanda likitoci ke kira beta-1, ya fi yawa a zuciya, akwai beta-2, ya fi yawa a hanyoyin iska. Masana a Birtaniya sun ƙera salbutamol ne domin ya dace da beta-2 kawai, aka fara sayar da shi a 1969. Magungunan da suka gabace shi suna buɗe duka biyun ne, shi ya sa suka fi wahalar da zuciya.

To amma zaɓen nasa bai cika ɗari bisa ɗari ba. Ita kanta zuciya tana da nata beta-2, don haka duk abin da ya shiga jini zai ɗan zabure ta. Sannan maganin yana sassauta jijiyoyin jini su faɗaɗa, sai zuciya ta ƙara bugu domin kada ƙarfin gudanar jini ya yi ƙasa. Rawar hannu ma daga nan take, don tsokar hannu tana da irin wannan beta-2.

Abin da ke raba ƙaramin bugu da babba shi ne yawan maganin da ya isa jini. Fesawa ɗaya ta inhela maikirogiram 100 ce. Ƙwayar salbutamol ɗin da ake sha kuwa miligiram 2 ce ko 4, wato ninki 20 zuwa 40 na fesawa ɗaya, kuma sai ta zagaya jiki kafin ta kai huhu. Abin takaici, akwai masu gudun inhela saboda camfin cewa wanda ya fara ba ya dainawa, su koma ga ƙwaya, alhali ita ce ta fi sa faɗuwar gaba.

Ɗauki magidanci mai asma da mura ta kama. Bugun zuciyarsa a zaune kamar 76 ne a minti, cikin iyakar da aka saba gani ga babba, 60 zuwa 100. Zazzaɓi kaɗai ya isa ya ƙara masa wajen bugu goma a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki. Ya je kemis ya karɓo maganin mura mai ɗauke da sudo'efedrin, wanda ke sa jijiyoyi su saki dangin adrenalin domin kumburin cikin hanci ya sauka. Zuciya ma tana samun rabonta. Wasu magungunan muran har da kafeyin a ciki. Ya kora da shayi mai kauri, ya ɓare goro, numfashi ya matse ya fesa inhela sau huɗu. Ko wanne shi kaɗai ƙari kaɗan yake yi, amma da suka taru ba mamaki ya ƙirga ya sami sama da 100. A nan abin da za a rage shi ne maganin muran da goron, ba inhelar ba.

Magungunan da ake ba yara masu matsalar rashin natsuwa, irin su metilfenidet, suna hana jiki saurin kwashe waɗannan sinadarai ne. Ƙarin bugun yawanci kaɗan ne, amma shi ya sa likita ke auna bugu da hawan jini kafin a fara da kuma bayan an fara.

Bugun da inhela ta jawo yana tafiya daidai ba tangarɗa, yana lafawa da kansa yayin da ƙarfin maganin ke sauka cikin 'yan awoyi. Wanda ba a zama da shi a gida shi ne mai tsallake-tsallake, ko mai zuwa da ciwon ƙirji, jiri ko suma. Haka nan idan an fesa amma numfashi bai saki ba, mutum ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, bugu kuma ya kai 110 ko fiye, to asmar ce ta yi tsanani, a nufi asibiti ana ci gaba da fesawa a hanya. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko maƙoƙo mai yawan aiki kuwa, ya faɗa wa mai kemis kafin a miƙo masa maganin mura.