Idan Aka Ce Ki Gabatar da Wadda ta Haife Ki a Ilimi

Sau da yawa a walimar saukar Alƙur'ani ko taron ƙungiyar mata, sai a ɗora wa ƙaramar malama, ko ma ɗaliba, nauyin gabatar da babbar baƙuwa mai jawabi. Baƙuwar kuwa wataƙila sa'ar mahaifiyarta ce, ko ita ta karantar da malamanta. A nan ne wata kan ruɗe. Ko dai kunya ta rufe ta, ta faɗi suna a gurguje ta koma ta zauna, ko kuma ta ɗauko tarihin baƙuwar tun daga firamare, ta haɗa da kirari, har ta cinye minti goma sha biyar. Duka biyun ba girmamawa ba ne.

Ki fara da duba lokaci. Yawancin tarukanmu na mata tsakanin La'asar da Magariba ake yin su. An makara wajen farawa, ga karatun ɗalibai, ga rabon shahada, ga iyaye mata da hankalinsu ke kan girkin dare. Idan minti talatin aka ware wa Malama, duk mintin da kika ƙara daga rabonta kika yanka. Saboda haka gajartawa ita kanta ladabi ce. Minti ɗaya da rabi ya wadatar, kada dai ki wuce biyu. A rubuce bai fi rabin shafin littafin makaranta ba. Ki karanta shi da ƙarfi a gida, agogo na gabanki.

Aikin yana farawa ne kwana biyu ko uku kafin taro. Ki je gaida baƙuwar, ko ki nemi wata ta kusa da ita, ki tambayi abu uku: yadda take so a kira sunanta, wane laƙabi ake sa mata, da kuma abin da za ta yi magana a kai. Kada ki dogara da katin gayyata, don sau da yawa akan yi kuskure a wajen bugu. Laƙabi ba abin wasa ba ne a wurin manya. Wadda ta zama Farfesa kada ki mayar da ita Dakta. Wadda ba ta sauke farali ba, wata ba ta son a ce mata Hajiya. Idan tana da sarauta, ki tambayi wanda ake fara ambata, sarautar ko laƙabin ilimi, domin gida-gida abin ya bambanta. Kuma ki tabbatar ko da sunan mahaifinta aka san ta ko da na maigidanta.

Sai batun alkunya. Idan baƙuwar surukarki ce, ko sunanta ɗaya da mahaifiyarki, bakinki ba zai iya furta shi ba, kuma ba a so ki tilasta wa kanki. Amma a cikin taro akwai baƙi da suke buƙatar jin sunan. Mafita ita ce ki shirya da shugabar taro tun farko, ta faɗi cikakken sunan a jawabinta na maraba, ke kuma ki ci gaba da cewa "Mama" ko "su Malama".

Abin da za ki faɗa kashi uku ne kawai: wace ce ita, me ya sa ita ce ta dace da wannan batu, sannan abu ɗaya da idonki ya gani game da ita. Ga misali. A ce walimar sauka ce, baƙuwar kuma tsohuwar shugabar makaranta ce da za ta yi magana a kan tarbiyyar 'ya'ya mata. Bayan sallama da salati, sai ki ce:

"Iyayenmu da 'yan'uwa, yau za mu saurari nasiha a kan tarbiyyar 'ya'ya mata. Wadda za ta yi mana ita ta shekara talatin tana koyarwa, goma daga ciki tana shugabar makarantar 'yan mata. Da yawa daga cikin malaman da ke zaune a nan ta hannunta suka biyo, har da ni. Abin da ba na mantawa shi ne, idan yarinya ta kwana uku ba ta zo makaranta ba, Mama da ƙafarta take zuwa gidansu ta ji dalili. Muna godiya da ta amsa gayyatarmu. Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka mata da alheri. Ina roƙon mahaifiyarmu, Hajiya Malama Wance, ta taso ta yi mana nasiha. Bismillah, Mama."

Ki lura da yadda aka jera shi. An fara da batun, don mutane su san abin da za su ƙaru da shi. Daga cikin muƙamanta an zaɓi biyun da suka shafi batun, an bar sauran. Labarin zuwa gidan ɗaliba shi ne zumar maganar, ya fi a jera "haziƙa, jaruma, gwarzuwa" sau goma, domin wannan kowa za a iya faɗa masa, wancan kuwa nata ne ita kaɗai. Cikakken suna ya zo a ƙarshe, don ta san lokacin tashi ya yi, ba ta miƙe tun farko ta yi ta tsayuwa tana jiranki ba.

Yabon gwani ya zama dole, amma yana da iyaka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya tsawatar wa wani da ya cika yabon ɗan'uwansa, ya kuma koyar da cewa mai yabo ya faɗi zatonsa na alheri, ya bar wa Allah tsarkake bayinsa. Don haka ki faɗi aikinta da aka gani, inda kike jin kirari na taso miki kuma ki mayar da shi addu'a. Addu'a ce yabon da babba ba ya jin nauyinsa.

Akwai abubuwan da za ki kiyaye. Kada ki ambaci shekarunta, ko rashin lafiyarta, ko sha'anin aurenta, sai in ita ta ba ki izini. Kada ki yi raha da ita irin ta tsara, ko da kun saba a gida. Kada ki fara jawo ayoyi da hadisan batun, kina yi mata shigar sauri, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka kuma kada ki ɓata lokaci kina cewa ba ki isa ki tsaya a gabanta ba, domin hakan maido da hankalin jama'a ne kanki.

Yaya za ki gane kin fara wuce gona da iri? Ki riƙa satar kallon baƙuwar. Idan ta sunkuyar da kai tana girgiza shi, yabon ya yi mata yawa. Idan ta fara gyara mayafi tana tattara takardunta, ko surutu ya tashi daga bayan rumfa, ki tsallake zuwa addu'a da suna. In harshenki ya zame a laƙabi, ki ce "a gafarce ni", ki faɗi daidai, ki wuce.

Bayan kin kira ta, kada ki juya ki tafi. Ki jira ta iso, ki ɗan rusuna, ki miƙa mata abin magana da hannu biyu bayan kin tabbatar yana aiki. Idan tsayuwa na yi mata wuya, ke za ki kai mata shi inda take zaune, da ruwan sha a kusa. Sannan ki zauna inda za ta gan ki, ki saurara har ta kammala, kada a gan ki kina kai-komo wajen rabon abinci tana tsakiyar magana.

Allah ya ba mu ikon girmama na gaba da mu, ya sa mu dace.