Kwaɗon Landan da Kwaɗon Damina

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ya san daren. An yi wata bakwai ba ɗigon ruwa, sai hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwan farko, kafin isha'i kududdufin bayan gari ya rikice da kuka, har maƙwabci ba ya jin sallamar maƙwabcinsa. Yara kan ce kwaɗin tare da ruwan suka faɗo daga sama. Ba su faɗo ba. Tun kaka suna nan ƙarƙashin ƙasa, cikin taɓon da ya bushe da ramuka da gindin rijiya, jikinsu ya yi sanyi, ba ci ba motsi. Wasu irin har rufe kansu suke yi da saɓar fatarsu don kada ruwan jikinsu ya tsere. Danshi na ratsa ƙasa ya iske su, sai su farka.

Ruwa ba ya tsami banza, gaggawar nan ma da dalilinta. Kududdufin damina ba ya daɗewa, kuma yawancin kwaɗi ba sa iya zuba ƙwai sai a ruwa. Dole ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan masu wutsiya su fitar da ƙafa su hau tudu kafin wurin ya ƙafe. A ruwa mai ɗumi ƙwai kan fashe cikin kwana 1 zuwa 2, kuma akwai manyan kwaɗin Afirka da 'ya'yansu ke gama rikiɗa cikin kamar mako 3. Sabon ruwa kuma bai tara kifi ba tukuna. Don haka wanda ya yi jinkirin dare biyu ya yi asara. Wani lokaci kuma saurin ne ke cutar su: ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, kamar yadda yake yi wa manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sai ka tarar da 'ya'yan sun bushe a kan laka.

Maza ne kaɗai ke wannan kuka. Namiji ya rufe baki da hanci, ya riƙa tura iska daga huhu zuwa jakar maƙogwaro yana dawo da ita, jakar ta kumbura ta ƙara wa muryar ƙarfi. Ɗaya ya fara, na kusa ba zai yarda a rufe muryarsa ba, sai ya amsa, a haka kududdufi duka ke ɗauka. A kunnenmu hayaniya ce, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake: mace tana tsince muryar irinta daga cikin taron. Maciji ma yana nan bakin ruwa yana farauta, sai dai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ba zai cinye su duka ba. Malamai kuwa tasbihi suke kiran kukan, suna tunatar da hadisin da ya hana kashe kwaɗo.

A Landan ba a san ruwan farko ba, tunda kowane wata ana ruwa. Kwaɗon asali na Ingila sanyi ne ke kwantar da shi, ɗumi ne ke tashinsa. Wajen Fabrairu zuwa Maris, idan dare ya sassauta kuma da yayyafi, sai su taru a tafkunan lambu. Kukan nasu gurnani ne a hankali, sai ka matso kusa kake ji, domin ba su da jakar da ke kumbura a waje. 'Ya'yansu kuma kan yi wata 3 zuwa 4 a ruwa, ba mai korarsu.

Mai son jin abin da ya yi kama da na gida sai ya je Barnes, bakin kogin Thames, inda aka mai da tsofaffin madatsun ruwa fadama, aka buɗe London Wetland Centre a 2000. Can akwai wani koren kwaɗo babba, baƙo. A 1935 Edward Percy Smith ya saki guda 12 daga Hungary a lambunsa da ke Kent, suka bi magudanan Romney Marsh suka yaɗu, yau irinsu ya kai har kewayen Landan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan kwaɗon jaka biyu gare shi, ɗaya a kowane gefen baki, muryarsa kamar ƙyaƙyata dariya, dare da rana, a Mayu da Yuni, daidai lokacin da kwaɗin Sakkwato ke jiran hadari. Shi rana yake jira ta ɗumama ruwa, kuma ya fi kuka a ranar da gari ya yi zafi.