Cok, sitata ko kwalba: wa ya kashe fitilar?

Wani tela a Aboabo, cikin Zangon Kumasi, ya kira ni shagonsa ana saura kwana biyar Sallah. Doguwar fitilar da ke saman kekensa ta mutu. Ya aika yaro Kejetia ya sayo sabuwar kwalba, suna sawa ta yi wal sau ɗaya ta ɗauke. Ta biyu ma haka. Ya ce da ni, "Malam, ai kayan yanzu duk jabu ne." Kwalaben ba su da laifi, amma ba za a gane haka ba sai an san hanyar da wuta ke bi cikin fitilar.

Fitilar tasa mai tsawon ƙafa huɗu ce, wat 36, kuma wutar ECG bolt 230 ce. Abubuwa uku ke aiki a ciki: cok, sitata da ita kwalbar. Kowane bakin kwalba yana da ƙafafu biyu, kuma a ciki akwai siririn zaren waya da ya haɗa su. Wayar wuta, ja a tsohon aiki ko ruwan ƙasa a sabo, tana fitowa daga makunni ta shiga cok, ta fita zuwa ƙafa ɗaya ta bakin farko. Ɗaya ƙafar ta wannan bakin tana zuwa sitata, daga sitata a wuce ƙafa ɗaya ta baki na biyu. Ƙafar da ta rage ita ke karɓar wayar dawowa, baƙa ko shuɗiya. Wayar ƙasa kuwa a jikin ƙarfen fitilar ake ɗaure ta. Makunni dole ya zauna a kan wayar wuta. In aka sa shi a kan ta dawowa, fitila za ta mutu amma wuta na nan kwance a cikinta tana jiran hannu.

Da an kunna, sitata kan haɗe na ɗan lokaci, wuta ta ratsa zarurrukan biyu su yi zafi. Sai sitatar ta buɗe farat ɗaya, cok ya harba bolt ɗaruruwa, iskar da ke cikin kwalbar ta kama. Daga nan sitata ta gama nata. Cok kuma ya koma mai tsaron ƙofa, yana riƙe wutar a wajen amfiya 0.43. Ba don shi ba, kwalbar za ta yi ta zuƙar wuta har ta hallaka kanta.

Wanda ya riƙe wannan zai karanta ciwon daga alamarsa. Idan bakunan biyu sun yi ja suna ci amma tsakiya duhu, sitata ce ta manne ta ƙi buɗewa. A murɗe ta a cire ta yayin da fitila ke kunne: in kwalbar ta kama nan take, magana ta ƙare, sai a sa sabuwa mai lamba S10. Idan kuwa fitilar na kamawa tana mutuwa, ga bakunan sun yi baƙi kamar gindin tukunya, kwalbar ce ta tsufa, kuma barin ta tana ƙifta ido zai gajiyar da sitata da cok. In matsalar da magariba kaɗai take zuwa, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, a fara auna wutar gidan, don wuta mai rauni ba ta iya tayar da sitata.

A shagon telan na kashe wuta daga babban makunni, na cire kwalbar na ɗora mita a kan ƙafafu biyu na kowane baki. Zare mai lafiya yakan nuna om kaɗan, ƙasa da goma. Nasa bai nuna komai ba, ya tsinke. Sabuwar kwalba ba ta tsinke zare haka kawai, don haka na kwance wayoyin cok na auna shi. Lafiyayyen cok na wat 36 yakan ba da om talatin zuwa sittin. Wannan om shida ya nuna, ga warin ƙonannen fenti. Zafi ya cinye rufin nadin wayar da ke cikinsa, wayoyin sun haɗe da juna, mai tsaron ƙofa ya bar ƙofa a buɗe. Da a ce tsinkewa ya yi, da fitilar ta yi tsit ne kawai ba tare da ta ci kwalba ba.

Muka sa sabon cok mai wat daidai da kwalbar, muka canza sitata, muka sa sabuwar kwalba, ta ƙifta sau biyu ta tsaya. Matattun kwalaben na hana yaran fasawa a kwata, saboda akwai zaiba a ciki. Telan ya lissafa kuɗin kwalba biyu da na motar yaro, ya tambaye ni nawa ake sayar da mita a Adum.